Shugabanmu ya turo saƙonni biyar, yaya zan mayar da su wasiƙa ɗaya zuwa banki?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum jama'a. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Kura. Jiya da dare Alhaji, shugabanmu, ya turo min saƙonnin murya biyar ya ce in rubuta wa wani banki. Ga abin da na iya tsinta: "Ka ce su ba mu kuɗin rani kafin a saki ruwa. Mu arba'in ne, wataƙila mu kai hamsin. An ce kashi tara suke karɓa, ka tambaya. Ka gaya musu wancan karon an cuce mu, taki sai da muka yi dashe ya iso. Kuma wasu sun ce ba sa son kuɗin ruwa." Ta ina zan fara?

Tsohon ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Kafin ka ɗauki biro, ka kira Alhaji ka yi masa tambaya ɗaya: bashin za ku nema yanzu, ko sharuɗɗansa kuke son sani? Daga maganarsa ni na fahimci bai san kuɗin ruwan ba, bai san adadin mutanensa ba, kuma wasu ba su ma amince ba. To ba ku kai ga neman bashi ba, bayani kuke nema. Idan ka rubuta "ku ba mu kuɗi", takardar za ta faɗa cikin tulin masu neman rance, a ce ku kawo tarin takardu, ku kuma har yanzu ba ku san abin da za ku shiga ba.

Sai ka tankaɗe saƙonnin. "Arba'in ko hamsin" ba ya shiga wasiƙa. Buɗe rajista ka ƙirga waɗanda suka biya kuɗin ƙungiya kuma suke da fili a bana. "An ce kashi tara" ma kada ka rubuta. Ina zaton daga Anchor Borrowers, shirin Babban Banki na ba manoma rance, ya jiyo shi, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, kuma wannan ba shi ne kuɗin ruwan da kowane banki yake ɗorawa a kan nasa kuɗin ba. Ka mayar da shi tambaya. "Kafin a saki ruwa" kuwa, ma'aikacin da ke zaune a ofis bai san ranar ba, sai ka rubuta masa sunan watan. Ga yadda zan tsara ta, lambobin misali ne, ka sa naku:

"Zuwa ga Manaja. Neman bayani kan rancen noman rani. Mu ƙungiyar manoman shinkafa ce mai rajista da ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai na jiha. Mambobinmu 40 suna shirin noma hekta ɗaya kowanne, muna ƙiyasta naira 400,000 a kan kowace hekta, jimla naira miliyan 16. Za mu yi dashe a watan Fabrairu, girbi a watan Mayu. Kafin mu yanke shawarar nema, muna roƙon amsa a rubuce: 1. Nawa ne kuɗin ruwa, a wata ne ko a shekara, kuma waɗanne kuɗaɗe ake cirewa kafin rancen ya shigo hannu? 2. Yaushe ake fara biya, wata-wata ne ko gaba ɗaya bayan girbi? 3. Wane jingina ko tsayayye kuke buƙata, kuma idan mamba ɗaya ya gaza, shi za a bi ko ƙungiya duka? 4. Kuɗi kuke bayarwa ko kayan noma, kuma kwana nawa ake ɗauka daga miƙa takardu zuwa fitar rance? Za mu yi taro ranar kaza, muna fatan samun amsa kafin nan."

Ka lura da tambaya ta huɗu. Nan ne ƙorafin Alhaji na taki ya shiga, ba tare da ka zargi kowa ba.

Ma'ajiyar ƙungiyar mata masu turara shinkafa: Ɗan'uwa ka riƙe tambayar farko da hannu biyu. Mu an ce mana kashi uku, muka yi ta murna, ashe a wata ne. Sai da aka kawo takardar biya muka ga abin da muka sa wa hannu, ina zaune a tabarma ina buga lissafi a waya har sau uku ina cewa ko na yi kuskure. Ka kuma tambaya ko a kan kuɗin farko ake lissafawa har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage. Na biyun kullum ya fi sauƙi.

Tsohon ma'aikacin banki: Hajiya ta yi gaskiya, amma ba kullum ba. Ɗauki 400,000 ɗin nan a kashi uku a wata, na wata shida. Idan a kan kuɗin farko ne, 12,000 sau shida, 72,000 ke nan. Idan aka raba uwar kuɗin gida shida daidai ana biyan ɗaya kowane wata, ana lissafi a kan saura, ruwan zai tsaya a 42,000. Amma mai shinkafa ba shi da abin biya sai ya yi girbi, kuma idan a dunƙule zai biya a ƙarshe, babu abin da ya ragu a tsakani, 72,000 ɗin ce dai. Shi ya sa na fi so a roƙe su: ku rubuta mana jimlar abin da mutum ɗaya zai biya a naira, da ranar biya.

Wani matashi daga Zariya: Ni fa ina ganin wasiƙa ɓata lokaci ce. Ku tattara BVN da NIN na kowa da hotuna ku kai musu, aiki zai fi sauri.

Malamin gona: A'a ƙanena, bai ce takardar neman bashi zai cike ba. Kada lambar kowa ta fita daga hannun sakatare a wannan mataki, lambar rajistar ƙungiya ta wadatar. Ni abin da ya dame ni shi ne saƙo na biyar da aka tsallake. Idan mutum goma cikin arba'in ba za su taɓa kuɗin ruwa ba, lissafin miliyan 16 ya rushe. A ƙara tambaya ta biyar: kuna da tsarin da babu ruwa, irin murabaha, inda banki zai sayi taki da iri ya sayar muku da ribar da aka sani tun farko? Bankuna irin su Jaiz da TAJ a kan wannan tsari suke gaba ɗaya. A kuma tambayi inshorar gona, ko dole ce, kuma wa zai biya ta.

Sakataren ƙungiya: Na gode ƙwarai. Na kira Alhaji, ya ce bayani yake so. Amma ya dage sai an rubuta cewa an cuce mu. Kuma akwai abin da ban faɗa ba: mutum shida cikinmu ba su gama biyan bashin da muka karɓa wancan karon ba. In ambata?

Tsohon ma'aikacin banki: Ni zan ambata a layi ɗaya, in tambaya ko hakan zai hana sauran. Za su gani ta BVN ko ba ka faɗa ba, gara su ji daga bakinku.

Malamin gona: Ban yarda ba, Yallabai. Tambaya kawai ake yi yanzu, kuma sirrin mutum shida ne da ba a nemi izininsu ba. A kai maganar gaban taro tukuna. Batun Alhaji kuwa, Malam Sakatare, kada ka tura masa rubutu. Ka je gidansa bayan la'asar ka karanta masa da Hausa, layi-layi, kafin a juya ta zuwa Turanci. In ka iso tambaya ta huɗu ka dakata ka ce, "Alhaji, ga maganar takin nan." Shi zai sa hannu da hatimin ƙungiya, saboda haka sai ya ji muryarsa a ciki. Ka kuma yi kwafi biyu, su buga muku tambarin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ka dawo da shi.

Sakataren ƙungiya: To, gobe in sha Allahu zan je wurinsa. Maganar mutum shidan zan bar ta sai ranar Asabar a taro.