Minti 25 a kan takarda ɗaya: laifin Spooler ne ko na hoton?

Nafi'u: Jama'a, Spooler ɗin Windows, mai jera aikin bugu a layi kafin ya kai firinta, ɓarawon lokaci ne, ban ga amfaninsa ba. Hoton kalandar biki A3, JPEG mai MB 40 kacal, na yi masa sikanin a 1200 dpi don ya fito tas, amma minti 25 firinta na ƙifta ido. A kashe shi kawai a huta.

Malam Sabi'u: Ka ce "kacal". MB 40 ɗin girman hoton ne a matse. Kafin a buga sai kwamfuta ta warware shi fiksal bayan fiksal. A3 inci 11.7 ne da 16.5. A 1200 kana da fiksal kusan miliyan 278, kowanne da bait 3, wato MB 835 ko kusa. A 300 kuwa 3508 ne da 4961, MB 52 ke nan, ya ragu ninki 16. Direban firinta yakan sake matse wani abu, don haka buɗe layin bugu ka dubi Size lokacin da aka rubuta Spooling, za ka ga lambar tana hawa.

Baban Iman: Haba Malam, 300? Tawa a jikin kwalinta an rubuta 5760 dpi. Ka ce in ba ta 300, kamar ka sayi buhu ka zuba mudu ɗaya.

Malam Sabi'u: Ba abu ɗaya muke ƙirgawa ba. Lambar kwali ɗigon tawada ce, kuma firinta na zuba ɗigo da yawa na launuka huɗu ko shida kafin ta fitar da launin fiksal guda. Ni fiksal na hoton nake nufi, wanda ake rubutawa ppi.

Baban Iman: To ai shi Nafi'u dpi ya ce.

Hajiya Rabi: Manhajar sikana ce ke rubuta dpi, ba laifinsa ba ne. Amma Baban Iman bai faɗi ƙasa warwas ba. Idan ƙaramin hoto ne na inci 4 da 6 za ka faɗaɗa zuwa A3, dole ka ɗauke shi a 900 ko sama, don in ya buɗe ya sauko wajen 300. Wanda asalinsa A3 ne, 1200 ɓarna ce.

Auwalu: Masu inkjet kullum cikin kuka. Ku sayi lesa.

Baban Iman: Lesa ta buga fuskar amarya? Je ka ci gaba da buga takardar haya.

Auwalu: Lesa mai launi fa na ce.

Hajiya Rabi: Ita ma in shafin ya fi ƙarfin memorinta haka za ta yi ta ƙifta fitila, wata ma ta turo rabin hoto da saƙon memori ya cika. Ku bar wannan.

Nafi'u: Na sa 300 a Image Size na manhajar gyaran hoto, fayil bai ragu ko kaɗan ba. Kun ga dai Spooler ne.

Malam Sabi'u: Ka duba akwatin Resample. In babu alama a ciki, fiksal ɗin suna nan yadda suke, faɗin takardar kawai ya ƙaru. Sa alamar, ka bar faɗi da tsayi a A3, ka rubuta 300, ka adana da sabon suna. Shi kuwa Print directly to the printer da ke shafin Advanced bai rage bait ko ɗaya, manhajarka ce za ta daskare har bugu ya ƙare. Start printing after last page is spooled yana taimako ne in shafuka na da yawa kuma firinta na tsayawa tana jiran kwamfuta. A shafi ɗaya babu bambanci.

Sadiya: Ni tawa aikin ya maƙale a Deleting tun jiya, ko rasit ba ya wucewa.

Hajiya Rabi: Naki daban ne, ƙanwata. Buɗe Command Prompt da Run as administrator. Ki sani duk aikin da ke layi zai goge:

```
net stop spooler
del /Q %systemroot%\System32\spool\PRINTERS\*
net start spooler
```

A cikin PRINTERS ɗin nan fayilolin SPL, wato aikin da ke jiran bugu, suke taruwa, shi ya sa in C: ya kusa cika babban hoto ke shan wuya.

Auwalu: A cire alamar Enable advanced printing features, shi ke nan magani.

Malam Sabi'u: Wani lokaci. Yana sa a aika RAW maimakon EMF, da wani direban ya yi sauri, da wani fayil ɗin ya ƙara kumbura, kuma kana iya rasa Pages per sheet. Sai an gwada da hoto ɗaya an riƙe agogo. Nafi'u, minti 25 ɗin nan ina suka tafi? In a Spooling ne, hoton ne da kwamfuta. In an rubuta Printing takarda ba ta motsa ba, gwada wayar USB maimakon Wi-Fi. In kan firinta na ta kai da kawo a hankali, Best ka zaɓa a Quality, wannan kuma ba ruwan Spooler.

Auwalu (admin): A taƙaice, an yarda cewa inkjet ba ta aikin kasuwa, kuma cire alamar nan yana magance yawancin matsalar. Batun 300 ra'ayi ne.

Hajiya Rabi: Wa ya yarda, Auwalu? A wane zaure aka yi wannan zaman?

Nafi'u: Da Resample ya fito cikin minti 4. Amma har yanzu Spooler ɗin nan ban yarda da shi ba.

Baban Iman: Turo hoton fuskar amaryar tukuna, mu ga ko gashin idonta ya fito.