Dekin ɗinmu yana zubo da ɓaraguzai, rodi duk ya yi tsatsa: wa ya taɓa gani?

Baban Ilham, Kubwa:
Salam jama'a. Daren Talata wajen ƙarfe biyu muka ji wani tim a kicin, na ɗauka ma kyanwa ce ta ture tukunya, da na haska sai ga ɓallin kankare kamar faifai a ƙasa kusa da gas, Allah ya tsare ba kowa a wajen. Na ɗaga kai sama sai ga rodi guda uku a fili, sun yi jawur, kana taɓawa tsatsar na ɓarewa kamar ɓawon albasa. Gidan bene ne hawa ɗaya, an gina shi 2012, ni na saya 2019, kuma bayin sama yana daidai kan kicin ɗin. Bara na ga wani siririn layi a silin da ɗan tabo ruwan ƙasa, mai fenti ya cike ya shafe. Yanzu birkilan da na kira ya ce buhu ɗaya na siminti ya isa, ya yaɓe ya yi filasta shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba. Duk wanda irin wannan ta taɓa samu don Allah ya faɗa min yadda ya ƙare.

Alhaji Ɗanjuma, Lugbe:
Allah ya ƙara tsarewa. Matsalar daga rodin ne, tun a Dei-Dei ake sayar wa mutane wanda ya sha ruwan damina ya yi ja. Ni da zan yi nawa sai da na sa yara suka shafe shi da baƙin mai kafin a zuba, yau shekara shida ban ga komai ba.

Oga Tanko ayon benda:
Alhaji da girmanka amma baƙin man nan kuskure ne, kar wani ya kwaikwaya. Mai yana hana kankare kama rodi, to in bai kama ba amfanin me rodin zai yi a ciki. Jan da rodi ke yi a kasuwa kuwa in dai na sama-sama ne da burushin waya ke cirewa ba komai ba ne, shekarata ashirin da wani abu ina ɗaure irinsa. Wanda ake gudu shi ne wanda ya fara ɓarewa ya rame.

Baban Ilham ɗauki ɓallin da ya faɗo ka juya bayansa, za ka ga kwarin da rodi ya kwanta. Auna min daga kwarin zuwa fuskar da ke kallon ƙasa, banda filasta.

Baban Ilham, Kubwa:
Na auna da rular Ilham ta makaranta. Wani wajen 5 mm, wani wajen ma babu komai, shatin katako da na rodin a haɗe suke, filasta ce kawai ta rufe.

Oga Tanko ayon benda:
To ka ga amsarka. Ba a sa biskit ba, ko an sa an tattake. Biskit ɗin nan ɗan guntun siminti da yashi ne da muke bugawa da waya a jiki, a ɗaure a ƙarƙashin rodi ya ɗaga shi daga kan katako don kankare ya samu hanyar shiga ƙasansa. Abin da nake gani a sait kullum shi ne mu gama ɗauri tsaf, ranar kastin lebura talatin su hau da kwano a ka suna gudu a kan rodin, wani ya turo baro, kafin azahar duk ya kwanta a kan katako. Sai wani ya ce ai za a riƙa ɗagawa da ƙugiya ana zubawa, wallahi ba ya ɗaguwa daidai, nan ya yi sama can ya koma. Wasu kuma tsakuwa suke turawa ko guntun bulo ko katako, tsakuwa ta gangare, bulo da katako kuma su sha ruwa su kai wa rodin har gida. Akwai wani aiki a Gwarimpa da na ce a ba ni kwana biyu in buga biskit ya yi ƙwari, mai kwangila ya ce miksa ta riga ta zo, na yi shiru tunda ba gidana ba ne, amma har yau in na bi ta layin sai na kalli baranda ɗin.

Maman Walid, Jos:
Mu ma haka ta same mu a Rikkos, bangon falo ya tsage daga kusurwar taga ya yi ƙasa a karkace kamar matakala, har kana hango haske. Mun cike sau biyu yana dawowa. Ke nan rodinmu ne ya yi tsatsa?

Injiniya Sadiq:
Maman Walid naku daban ne Hajiya. Tsagewar da ke bin layin bulo a karkace daga taga yawanci ƙasa ce ke zama a ƙarƙashin fandesho, bangon bulo ma ba rodi a cikinsa. Ta tsatsa miƙewa take yi ɗoɗar tana bin rodin, a gefen pila ko ƙasan bim ko ƙasan dekin, sau da yawa da tabon ja. Ki samu wanda zai duba fandeshon.

Baban Ilham, Oga Tanko ya gama maka rabin aikin. Abin da mutane ba su sani ba shi ne kankare ba rufe rodi kawai yake yi kamar bargo ba. Siminti yana da kaifi irin na toka ko kanwa, wanda ya taɓa cakuɗa shi da hannu ya san yadda yake cin fata, to kaifin nan ne ke sa wata 'yar fata ta kwanta a jikin ƙarfe ta hana shi tsatsa ko da akwai danshi. Amma iskar da muke fitarwa, irin ta hayaƙin mota da janareta, tana shiga ta ƙananan ƙofofin kankare a hankali tana kashe kaifin daga waje zuwa ciki. Ranar da ta iso kan rodi fatar ta tafi, saura ruwa da iska kawai, kai kuma ga bayi a sama yana ɗiga.

Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki biyu zuwa shida, tana neman wuri babu. Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni amma in aka buɗa shi daga ciki ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, sai ya tsage a kan layin rodin. Layin da mai fenti ya shafe maka bara ke nan. Da ya tsage ruwa ya samu babbar hanya, tsatsa ta ƙara sauri, har ta ture ɓallin.

Ga inda kaurin kankaren da ke rufe rodi yake da daɗi. Shigar iskar nan tana rage gudu in ta yi nisa, in ka ninka kauri sau biyu lokacin ninkuwa yake sau huɗu. A ce a wani kankare ta ci 10 mm a shekara 5, to 20 mm sai shekara 20, 30 mm sai shekara 45. Shi ya sa a zane muke rubuta 20 zuwa 25 mm a dekin na cikin gida, pila da bim 25 zuwa 40 mm gwargwadon ko ruwa na dukansu, fandesho 50 mm, in a kan ƙasa tsura za a zuba 75 mm. Kuma daga jikin ringi, wato siririn rodin da ke zagaye manyan a pila da bim, ake aunawa ba daga babban rodi ba, don ringin ne a waje, shi ke fara ci. Naka 5 mm, ina ganin tun kafin ka sayi gidan an gama da shi.

Alhaji Ɗanjuma, Lugbe:
To Injiniya ai filasta ma siminti ce, in an yi ta da kauri ba ta cike gurbin ba? Ni nawa filastar ta kai inci ɗaya.

Injiniya Sadiq:
Tana ɗan taimakawa Alhaji, ba zan ce ba ta yin komai ba, amma ba ma lissafa ta. Yashi ya yi mata yawa, ƙofofinta a buɗe, kuma tana iya rabuwa da jiki. Ko kankaren ma in an cika masa ruwa don ya yi saurin gudu, ko ba a sa foka, injin girgiza kankare, ba ya yi ramuka kamar saƙar zuma, ko ba a yi masa ban ruwa na kwana bakwai ba, 25 mm ɗinsa ba zai yi aikin 25 mm ba.

Malam Yakubu, Nyanya:
Ni gargaɗi zan yi kan maganar birkilan nan don na yi irinta. Barandar gidanmu ce, 2020 muka yaɓe a kan tsatsar aka yi fenti, ta yi kyau kamar sabuwa, damina biyu ta sake kumbura. Na biyu muka kankare rodin ta fuskar da muke gani kawai muka sake yaɓewa. Abin mamaki facin bai faɗo ba, gefensa ne hagu da dama inda da lafiya lau ya fara tsagewa. Har yau ban gane wannan ba, mun dai hana yara zama a ƙarƙashi.

Injiniya Sadiq:
Malam Yakubu sananne ne wannan. Sabon faci yana kare rodin da ke cikinsa, sai cin ya koma kan rodin da ke cikin tsohon kankaren da ke maƙwabtaka, shi ya sa ba a tsayawa a bakin inda ya faɗo.

Baban Ilham ga yadda zan bi in ni ne. A rufe bayin sama tukuna a nemo inda yake yoyo, ko fayif ne ko tayil, in ba haka ba duk aikin banza ne. A tokare dekin da akro ko gora masu ƙwari kafin a sa guduma. Sannan a bi silin duka ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, lafiyayye ƙarar sa a tsuke take, wanda ya rabu daga ciki kuma yana amsawa kamar ganga, a zagaye shi da alli. A sassaƙe har a wuce inda tsatsa ta ƙare, a shiga bayan rodin ma kamar 20 mm yadda yatsa zai zagaya shi, a goge har ƙarfe ya yi haske. Daga nan a auna kaurin rodin. Mai 12 mm in ya koma 10 mm kar ka ce ai 2 mm ne kawai, kusan kashi 30 cikin 100 na naman ƙarfen ya tafi, dole a ƙara sabo a gefensa, kuma injiniyan da ya gani da ido ne zai faɗi tsawon haɗin. Sai a cike da simintin gyara na musamman da ake sayarwa a buhu tare da ruwan da ke sa sabo ya kama tsoho, ba siminti da yashin filasta ba, a fitar da kaurin 25 mm ɗin ko da wajen zai ɗan yi tudu.

Oga Tanko ayon benda:
Injiniya ni fa in gidana ne fasa wannan ɓangaren zan yi in sake zubawa. In kicin babu biskit to falo ma babu, rana ɗaya aka zuba su, lebura ɗaya.

Injiniya Sadiq:
Falo ba bayi a kansa Oga, busasshen wuri rodi na iya daɗewa ko kaifin ya mutu. Ban ga gidan ba, ba zan ce a fasa ba.

Baban Ilham, Kubwa:
Na gode ƙwarai. Mun kwashe kicin zuwa tsakar gida, na kulle bayin. Ɗazu na hau tebur na bi da guduma, ƙarar gangar ta wuce kicin ta shiga koridor kusan taku uku, falo kuwa tsit. Oga Tanko akro nawa ake haya a rana yanzu, kuma guda nawa zan nema wa ɗaki ƙafa goma da sha biyu?