Uwar mijina ba ta amsa gaisuwata da safe

Amaryar Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Wata biyu da tarewata, gida ɗaya muke da Hajiya, uwar mijina. Tun lokacin biki aka ɗan samu saɓani kan kayan gara, danginsa suka ce buhun shinkafa ɗaya aka kawo, alhali biyu ne. Yanzu kullum bayan asuba ina leƙawa in yi sallama, in ce ina kwana, ko kallo ban ishe ta ba. Abin ya hana ni barci.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. A wane hali kike samunta? In tana kan darduma da carbi, kuma 'yar Tijjaniyya ce, to lazimi take yi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, kuma ba a magana sai an idar. Ki canza lokaci, ki bari sai hantsi. Kada ki gaishe ta daga bakin ƙofa, ki shiga, ki matsa kusa har ta gan ki, don tsofaffi da yawa jinsu ya ragu amma ba sa faɗa. Ki yi haka kwana uku, kina lura ko tana amsa wa sauran matan gidan. In kowa shiru take yi masa a wannan lokacin, babu laifinki a ciki.

Abu Safwan: Ba wani lazimi. Yin sallama sunna ne, amsawa wajibi, a duba Suratun Nisa'i aya ta 86. Kuma bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Ki karanta mata ayar.

Maman Ilham: Malam, amarya ta karanta wa suruka aya? Ai gobarar za ta fi ta yanzu. 'Yar nan, in kin tabbatar ke kaɗai ake share wa, mijinki ne zai tambaye ta a keɓe, ko a bi ta hannun ƙanwarta.

Hajjo: Ni kishiyata shekara guda ba ta amsa mini ba, na daina gaishe ta, na huta.

Maman Ilham: Kishiya daban, uwar miji daban. Ranar da amarya ta daina gaisuwa, a kanta laifin zai dawo. Amarya, kina durƙusawa kuwa?

Amaryar Zariya: A'a, a Islamiyyarmu an hana mu durƙusa wa mutum. Kuma da hantsi ina makaranta.

Abu Safwan: Daidai kika yi, kada ki durƙusa.

Maman Ilham: To ki zauna a ƙasa kusa da ita ki gaishe ta. A gidaje da yawa gaisuwar tsaye raini ce.

Amaryar Zariya: Ni dai har yanzu ina ganin maganar garar nan ce.