Afurubal bai fito ba, makaranta kuma Satumba za a fara, in tafi ko in jira?

Baban Ilham:
Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Ina lebul 9 a wata ma'aikatar tarayya, shekarata 5 a aiki, an yi min kamfamashan tuni. Na samu admishan ɗin mastas na shekara 1 a Ingila, kwas ɗin ya shafi aikina. Tun Afrilu na rubuta neman hutun karo karatu da albashi, darakta ya sa hannu, fayil ya wuce sama, yau ga mu a Yuli shiru. Darakta yana cewa in tafi kawai takarda za ta biyo ni. Na riga na biya kafin alƙalamin makaranta da kuɗin filina da na sayar.

Na Malam:
Ka nemi TETFund mana, su za su biya maka komai

Hajiyar Rajistiri:
Na Malam ai ma'aikata ya ce ba jami'a ba, TETFund ta malaman manyan makarantu ce. Baban Ilham, ƙanena, shekarata 22 ina jan fayil, kada ka taka jirgi sai takardar amincewa tana hannunka. Darakta shawara kawai yake bayarwa, ba shi ke da ikon sakinka ba. Ka je rajistiri da kanka a duba maka littafin fitar fayil, ka ga teburin da ya kwana. Sau da yawa abu ɗaya ne ya ɓace, takardar kamfamashan ko ta admishan, ba kuma mai kiranka ya faɗa maka. Sannan akwai bon da za ka sa wa hannu kai da garanto cewa za ka dawo ka yi aiki. In ba ka sa hannu a bon ba to ba a sake ka ba.

Abu Sadik:
Wallahi ka ji maganar Hajiya. Ni haka aka yi min, oga ya dafa kafaɗata ya ce tafi ɗana ni ne nan, na tafi Maleshiya, wata 3 albashi yana shiga ina murna, ashe an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya zo ya tarar da kujerata ba kowa kuma ba takarda a fayil, sai kweri wai na gudu daga aiki, kwerin ma ban gani ba sai da abokina ya ɗauko hotonsa ya turo min, wata na 4 albashi ya tsaya cak, matata da yara 3 a gidan haya, ƙarshe gidansu ta koma. Na dawo da mastas ɗina na yi wata 14 ina hawa bene kafin a mayar da sunana a tsarin biyan albashi na IPPIS, wata ukun da na ci ma sai da aka cire. Ogan nan ko wayata ya daina ɗauka.

Ɗan Autan Ofis:
Allah sarki Abu Sadik, mastas biyu ka yi kenan, ɗaya a Maleshiya ɗaya a hawa bene

Abu Sadik:
Kai dai yi dariyarka, ranarka tana zuwa

Maman Khalifa:
Ni lissafin kuɗin nake ji maka. Albashinka kawai za a ci gaba da ba ka fa, ba kuɗin makaranta ba tikiti, albashin lebul 9 kuma in ka canza shi zuwa fam ko hayar ɗaki ba zai biya ba. Kuɗin inshorar lafiya na biza kaɗai fam 470 ne a shekara.

Injiniya:
Wace shekara kika je? Tun Fabrairun 2024 ya koma fam 776, kuma ba na shekara 1 zai biya ba tunda ana ƙara watanni a kan bizar, na shekara da rabi ake caja, 1,164 kenan. Iyali ma an hana ɗan mastas irin wannan tafiya da su tun Janairun 2024.

Maman Khalifa:
2021 na je, kuma ni na je ɗin dai, kai a waya ka karanta

Injiniya:
Ƙanina ne ya biya, rasit na nan. Ni a ganina ya nemi hutu ba albashi, ya fi saurin fita.

Hajiyar Rajistiri:
Shi ma sai da takarda Injiniya, hanyar fayil ɗin ɗaya ce. Ya rubuta wa makarantar ya tambaya ko za su ɗaga masa zuwa Janairu ko baɗi, ya kuma tambaya a rubuce ko kuɗin da ya ajiye zai bi shi.

Baban Ilham:
Hajiya kwas ɗin ba ya da shigar Janairu, in na ɗaga shekara guda ce cur

Abu Sadik:
To in ka dawo ma me za a ba ka? Ni ko mataki ɗaya ba a ƙara min ba, sa'o'ina sun zauna jarrabawar firomoshin ina can, yanzu wanda na koya wa rubuta minit shi nake cewa oga.

Na Malam:
Firomoshin ɗin ma mu da muka ci, ariyas ɗinmu na shekara 2 har yau ba labari. Akwai wanda aka biya a nan?

Ɗan Autan Ofis:
An biya ni a mafarki jiya, alat na shigowa ladan ya kira asalatu