Lissafi ya ce 12,700, inji ya ce 280, rodin ne jabu ko ni ne?

Ɗan Tudun Wada: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka, Litinin zan kare furojet kuma kaina ya ƙulle. Na sayi rodi da kuɗina, ƙanin babana ne ma ya cika min, na kai ɗakin gwaji sati uku ina zarya saboda ba wuta, da ƙyar aka ja min shi, ya fara miƙewa ba ya komawa a 280 MPa. To ni kuma na yi lissafin ƙarfin da ya kamata ya fara miƙewa da τ = G/2π, na sa G, wato taurin ƙarfe wajen zamewa, 80 GPa, ya ba ni wajen 12,700 MPa. Malam ya duba kawai ya ce "je ka karanta dislokeshon". Ni dai ina ganin ko injin ko rodin ne. In sake sayen wani?

Baban Khalifa: Rodin ne wallahi. Bara na zuba dakin a Rigasa, mai kaya ya ce 12 ne, muka auna bai kai 11 ba, har yau bai dawo min da ko sisi ba.

Injiniya: Kada ka sayi komai ƙanena. Ko rodi mafi tsada ka kawo ba zai kusanci 12,700 ba. Lissafin nan na Frenkel ne na 1926, kuma abin da ya ɗauka shi ne duk atom ɗin shimfiɗa guda su saki na ƙasansu su zame lokaci ɗaya. Ƙarfe ba ya haka. Ka taɓa gyara kafet ɗin masallaci? In ka kama baki ka ja duka mutum biyar ma sai sun yi nishi, amma ka tada ɗan tudu a gefe ka riƙa tura shi da ƙafa har ya fita ɗaya bakin, kafet ya matsa taƙi guda kai kaɗai. A cikin ƙarfe akwai inda shimfiɗar atom ta tsaya a rabi ba ta kai ƙarshe ba, bakin nan nata shi ne dislokeshon. In ƙarfi ya zo, atom ɗin da ke kan layin kaɗai ke sakin maƙwabci su kama na gaba, layin ya matsa taku ɗaya, wajen 0.25 nm a ƙarfe, haka har ya ɓulla waje. Ɗimbinsu suna wannan tafiya shi ne miƙewar da ka gani. Taylor da Orowan da Polanyi suka kawo bayanin a 1934, kowa daban, sai 1956 aka gan su suna motsi a madubin ilektiron.

Maman Ilham: Mu abin da na riƙe shi ne ƙananan tsaga ne a ciki suke rage ƙarfin, ka rubuta haka kawai ka huta.

Injiniya: A'a Hajiya, wannan bayanin gilashi ne da abin da ke fashewa farat ɗaya. Nasa miƙewa ya yi. Kuma ƙanena ka haɗa abu biyu, 280 na ja ne, lissafinka na zamewa ne, a shimfiɗar da ta karkata digiri 45 rabi ne ke aiki, wajen 140. Ratar kenan kusan ninki 90.

Ɗan Tudun Wada: To kun gani ratar ma ƙaruwa ta yi. Ni na ga wasu suna sa G/30, ina ganin shi zan sa kawai, kuma injin nan tsoho ne fa.

Injiniya: Sa mana, 2,700 za ka samu, har yanzu ninki 19. Inji ko na zamanin Sardauna ne ba ya kuskuren ninki 19.

Usta na Panteka: Ni ban yi bokonku ba amma ina da tambaya. Wayar tagulla in na lanƙwasa sau uku huɗu wurin sai ya yi tauri, miƙar da shi ya gagara, in na sa a wuta ta yi ja sai ta koma laushi. In abin nan naku ke sa laushi, ai lanƙwasa ƙara laushi ya kamata ta yi.

Injiniya: Usta ka fi ɗalibin kama zancen. Lanƙwasa haifar da su take, su yi yawa su sarƙe da juna kamar go-sulo a Kawo, kowa ya tare wa kowa hanya, sai ka ƙara ƙarfi kafin su motsa. Wuta ke share yawancinsu. Motsinsu ne laushi, ba yawansu ba. Shi ya sa ma rodi ya kai 280, kabon da iyakokin ƙwayoyin ƙarfen ne ke tare su, tsantsar tagulla mai ƙwaya ɗaya kusan 1 MPa take fara zamewa.

Baban Khalifa: Duk da haka a auna kaurin rodin. In da girman da aka rubuta ka raba, 280 ɗin ma ƙarya ce.

Injiniya: Wannan kam gaskiya ne, ka auna kafin ka ja?

Ɗan Tudun Wada: Mai kaya ya ce 12 ne. Ni matsalata babi na huɗu na riga na buga shi, shafi tara, in na canza sai na sake biyan kuɗin firintin. Ba yadda za a yi in bar lissafin in ce injin ne?