Na kawo ɗan kwikwiyo, tsohon karena ya daina cin abinci

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ina da kare mai gadi, shekararsa 8 a gidana. Ranar Asabar na kawo kwikwiyo ɗan mako 7, na sauke shi a tsakar gida. Ya nufi kwanon babban, sai gurnani, har ya kai masa cafka a iska. Na tsorata na zabga masa sanda. Yau kwana 4 yana kwance ƙarƙashin mota, abinci ma sai ya ga dama. Abin ya dame ni ƙwarai. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Na Dawa: Wa alaikumus salam. Mu mafarauta ba ma shiga tsakani. Ka bar su, babba zai koya wa ƙarami ladabi, kwana 3 sun shirya. Dukan ne kawai kuskurenka.

Maman Ilham: Na Dawa, a kan duka ka yi gaskiya, amma karnukanku a fili suke, wanda ya gaji ya tashi ya ba da wuri. Gida mai katanga daban ne. Baban Khalifa, karenka a ɗaure yake?

Baban Khalifa: Da rana yana sarƙa, da dare nake sakinsa.

Maman Ilham: To ka ga inda matsalar take. Kwikwiyo na yawo yadda ya so, yana ja masa kunne, shi kuwa sarƙa ta hana shi kaucewa, me ya rage masa in ba haƙori ba? Gurnanin nan gargaɗi ne, cewa yake "matsa can". In kana dukansa a kai zai daina gargaɗin, wata rana sai dai ka ga cizo kai tsaye. Kuma zai ɗauka duk sanda ƙaramin ya matso, wahala ce ke biyowa.

Ga yadda na yi da tawa karyar, mai shekara 9 a lokacin. Na killace wa kwikwiyon lungu da waya, suna ganin juna suna shinshinawa amma ba ya iya isa gare ta. Sau 2 a rana nake fito da shi, minti 10 kacal, ita a sake, ni a tsaye. Kafin nan sai yara su yi wasa da shi har ya gaji. Abinci kowa a wurinsa da ƙofa a tsakani, ita nake fara ba wa, in sun gama in ɗauke kwanukan. Ƙashi kuwa na hana gaba ɗaya, don a kansa aka fi yin faɗa mai jini. Mako 2 ko kallonsa ba ta yi. A cikin na 3 na fito da asuba na tarar ta kwanta jikin wayar, shi ma ta ciki ya manne mata.

Abin da za ka riƙa dubawa: in ya yi gurnani, ƙaramin ya ja baya ko ya kwanta ya nuna ciki, babban kuma ya ƙyale shi, lafiya lau. In ka ga jikinsa ya sandare, ya kafe shi da ido ba ƙiftawa, ya yi tsit, ko yana bin ƙaramin bayan ya gudu yana kuka, raba su nan take.

Ɗan Zongo: Ni nawa kwikwiyon mako guda da zuwa ya kama amai da gudawar jini, ya mutu. Na zargi babban, ashe fabo ce, wata cutar hanji ta karnuka, inji likitan dabbobi. Kada ka fita da kwikwiyonka titi.

Abu Sadik: Allah ya mayar da alheri. Amma ni a waje na fara haɗa nawa, kowa da igiyarsa, ni da ƙanena muka jera da su tazarar taku 5, muna ragewa a hankali, sannan muka shigo gida tare. Ba a taɓa faɗa ba.

Maman Ilham: Naka wata nawa ne a lokacin?

Abu Sadik: Ya kai 5.

Maman Ilham: Shi ya sa, ya gama alluransa. Ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai 16, ta haukan kare kuma a wata 3. Ɗan mako 7 bai kamata ya taka inda karnukan unguwa ke kashi ba, cutar fabo tana daɗewa a ƙasa watanni. Baban Khalifa, kwana 4 ba cin kirki ya yi yawa, ka kai babban a duba shi. A shekarunsa ciwon gaɓoɓi ko na haƙori ma kan sa kare ya ƙi a taɓa shi.

Hajiyar Kaji: Ku yi haƙuri, ni duk na yi wannan. Mata 2 ne, lafiya ƙalau har ƙaramar ta shekara, sai faɗa ya ɓarke, ɗinki 2 aka yi wa babbar. Har yau karɓa-karɓa nake sakinsu. Ko don mata ne?

Na Dawa: Faɗan mata ya fi muni, Hajiya, ba sa mantawa.

Maman Ilham: An fi samun hakan tsakanin mace da mace, amma na san gidan da mata 3 ke kwana wuri ɗaya. Baban Khalifa, naka ƙaramin mace ne ko namiji?

Baban Khalifa: Namiji ne, Hajiya. Na sayo wayar yanzu, gobe da safe zan kai babban asibiti. In sake shi daga sarƙa tun yau, ko in bari sai mun dawo?