Kebul ɗin intanet: tagulla zalla ko alminiyam mai rufin tagulla?

Jama'a, don Allah ku taimaka mini da shawara. Zan sayi kwalin kebul Cat6 mai mita 305 a nan Jos, na kyamarorin tsaro da za su riƙa samun wuta ta cikin kebul ɗin, mafi nisa mita 80 ne. A nan nake tsoron CCA, wato alminiyam mai rufin tagulla, domin alminiyam ya fi tagulla tauye wuta kuma yana saurin karyewa.

Na san idan aka kankare waya ɗaya aka ga fari a ciki, alminiyam ne. To, mai shagon ya hana a yanka sai an biya, kuma rubutun jikin kwali ban yarda da shi ba. Tagulla ta fi nauyi, amma kilo nawa ya kamata kwalin zalla ya kai a sikeli?